Ribar kashi 25 a wata huɗu ko kashi 100 a shekara biyar, wa ya fi wani?

"Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Lokacin kaka na sayi masara ta miliyan 2 na ajiye, bayan wata huɗu na sayar miliyan 2 da dubu 500, ribar kashi 25 cikin 100 kenan. Yayana kuma ya sayi fili miliyan 2 shekara biyar da suka wuce, yanzu ana cewa ya kai miliyan 4, shi kashi 100. Wani abokina ya ce ni na fi shi cin riba nesa ba kusa ba don nawa in aka lissafa shekara kashi 75 ne, har yana cewa in lallaɓa Yaya ya sayar da filin mu zuba a masara. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya ta gefe ɗaya, ba a kwatanta riba biyu ba tare da an duba tsawon lokacin da kuɗin suka ɗauka ba. Amma kashi 75 ɗin nan da ya ambata ba ka same shi ba, kuma a yadda harkar hatsi take ba lallai ka taɓa samunsa ba. Aikina riƙe wa 'yan kasuwa da ƙananan ƙungiyoyi littafin lissafi ne, kuma wannan gardamar kusan duk ƙarshen shekara sai na zauna a kanta da wani, toh bari mu bi ta a hankali da alƙalumanka.

Ma'auni biyu ne, kowanne da tambayar da yake amsawa

Na farko shi ne wanda kowa ya iya, ka cire abin da ka zuba daga abin da ya dawo, sannan ka raba da abin da ka zuba. Naka dubu 500 a kan miliyan 2, kashi 25. Na Yaya miliyan 2 a kan miliyan 2, kashi 100. Shi ne za ka ga an rubuta ROI a manhajojin zuba jari da tallace-tallace. Yana gaya maka nawa kuɗinka suka ƙaru daga farko zuwa ƙarshe, shi kenan, babu ruwansa da ko sati ɗaya aka yi ko shekara goma. Shi ya sa masu son burge mutane suke ƙaunarsa, mai sayar da filaye zai ce maka wanda ya saya a wurinmu kuɗinsa sun ninka sau uku, ba zai ce maka shekara sha biyu aka yi kafin su ninka ba.

Na biyu shi ne ribar shekara, wato a mayar da kowace riba kan shekara ɗaya domin a iya jera su wuri guda. A takardun banki za ka ga an sa p.a. a gaban lambar. Tambayar da yake amsawa ita ce: in da kuɗin nan a hankali suke girma da sauri iri ɗaya kowace shekara, riba tana hawa kan riba, da kashi nawa za su riƙa ƙaruwa kafin su kai inda suka kai?

Mu fara da filin Yaya don shi ne mai sauƙi. Mutane da yawa za su ce kashi 100 raba 5, kashi 20 a shekara. Ba haka ba ne, domin in kuɗi suna ƙaruwa da kashi 20 duk shekara, a shekara ta biyu kashi 20 na miliyan 2 da dubu 400 ake lissafawa ba na miliyan 2 ba, in ka bi haka har shekara biyar za ka tarar sun kusa miliyan 5, ba 4 ba. Lissafin da ya dace shi ne wannan, za ka iya buga shi a Excel ko Google Sheets ta wayarka:

```
=(4000000/2000000)^(1/5)-1
```

Zai ba ka 0.1487, wato kusan kashi 15 a shekara. In ba ka kusa da waya akwai dabarar da muke yi da ka: raba 72 da yawan shekarun da kuɗi suka ɗauka kafin su ninka. 72 raba 5 ya ba da 14 da ɗoriya, kaga ya yi kusa sosai.

Yanzu masararka. Wata huɗu sau uku ne a shekara, abokinka ya yi 25 sau 3 ya samu 75. In ma za a bi ƙa'idar riba kan riba lambar ta fi haka:

```
=(2500000/2000000)^(12/4)-1
```

Wannan 0.953 ne, kashi 95. Toh a takarda kai 95 Yaya 15, an gama magana kenan? A'a, yanzu ma aka fara.

Inda lissafin yake yaudarar mutum

Lura da abin da ya faru a lissafi biyun nan, don ba abu ɗaya muka yi ba ko da yake tsarin ɗaya ne. A wurin Yaya mun ɗauki abin da ya riga ya faru tsawon shekara biyar muka rarraba shi, babu abin da muka ƙirƙira. A wurinka kuwa wata huɗu kawai muke da su a hannu, sauran wata takwas ɗin cike su muka yi da zato, muka ɗauka cewa ranar da ka sayar za ka sake samun masara mai arha irin ta kaka, ka ajiye wata huɗu ta sake tashi da kashi 25, sannan ka sake yin haka karo na uku da uwar kuɗi da ribar gaba ɗaya. Kai ka san ba haka kasuwa take ba. Arhar masara daga wajen Oktoba zuwa Disamba take, lokacin da manoma suke fito da ita suna neman kuɗin biyan bashin taki da hidimar gida, in ka sayar a Maris babu wata kaka kuma sai shekara ta zagayo. Kamar mutum ne ya auna ruwan saman da aka yi a Kano a watan Agusta ya ninka sau 12 ya ce shi ne ruwan shekara.

Saboda haka tambayar da zan yi maka ita ce, bayan ka sayar, ina kuɗin suka zauna? In a asusun banki suka kwanta ko ka riƙa gutsura ana cefane har wata kakar, to ribarka ta shekara ita ce dai kashi 25 ɗin nan, ba 75 ba ba 95 ba. Wata sha biyu kuɗin suka yi a hannunka, wata huɗu suka yi aiki.

Kuma shi ma 25 ɗin ina da shakku a kansa, domin kusan duk wanda ya kawo min lissafin hatsi kuɗin saye da kuɗin sayarwa kawai yake rubutawa. Ba ka faɗi yawan buhuna ba, bari in ƙaddara buhu 40 ne kowanne dubu 50, ka sayar dubu 62 da ɗari biyar. Mu ce kuɗin mota da 'yan dako zuwa da dawowa dubu 60, hayar sito dubu 40, sabbin buhuna da maganin ƙwari dubu 30, la'adar dillali da 'yan kuɗin kasuwa dubu 20. Waɗannan misali ne kawai, ka sa naka na gaskiya. Jimla dubu 150, kenan abin da ka zuba miliyan 2 da dubu 150 ne, ribarka kuma dubu 350, in ka raba sai ka samu kashi 16 da ɗan kai. Ban ma sa ramar da hatsi yake yi ba in ya ƙara bushewa, ko buhun da ɓera ya huda, ko ranakun da ka bar shagonka kana zirga-zirga. Kaga daga 95 mun sauko 16 ba tare da mun yi wa kowa ƙarya ba.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan, a harkar gajeren lokaci ɗawainiya tana cin riba sosai saboda duk zagaye sai ka biya ta. Mai fili sau ɗaya ya biya dillali lokacin saye, sau ɗaya zai biya lokacin sayarwa, an baje kuɗin a kan shekara biyar. Kai kuwa duk kaka sai ka biya mota da sito da magani daga farko.

Kar Yaya ya yi dariya tukuna, shi ma a taɓa shi. Mu ce ya kashe dubu 200 a kan takardu da la'ada da kafa shaida a filin, jarinsa ya zama miliyan 2 da dubu 200. In ya sayar miliyan 4 aka cire la'adar dubu 200, miliyan 3 da dubu 800 zai riƙe. Ribarsa gaba ɗaya ta koma kashi 73, ta shekara kuma wajen kashi 11 da rabi. Sannan akwai kalmar da ka yi amfani da ita, "ana cewa ya kai". Kai ka sayar kuɗi sun shigo asusu, shi kuwa farashin baki ne, fili yana iya yin wata shida a kasuwa ana tayawa ƙasa da haka, in kuma mutum yana cikin matsi ya karya shi. Duk watan da aka ƙara ana jiran mai saye, ribar shekarar tana ƙara raguwa ko da an samu miliyan 4 ɗin cif.

Toh yanzu kwatancen adalci ya zama 16 da 11 da rabi. Har yanzu kai ne a gaba, amma ba "nesa ba kusa ba" ba ne, kuma naka sakamakon shekara ɗaya ne tak, nasa na shekara biyar.

Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba

Wannan ne wurin da na fi so ka tsaya. Gajeren lokaci ba ya bambanta maka iyawa da dace. Wanda ya sayi hatsi a ƙarshen 2023 ya sayar a 2024 ya ci riba mai kauri, amma ba don ya fi kowa wayo ba, an cire tallafin mai a 2023, an saki naira ta faɗi, komai ya tashi, ko me ka ajiye sai ya tashi. Mutane da yawa suka ɗauka haka abin yake kullum suka ƙara jari, wasu har da bashi. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci har da masara na kwana 150, aka kuma samu amfanin gona, da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa maimakon ya hau, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar da asara. Ka tambayi 'yan Dawanau za su ba ka labari.

A lissafinmu na sama kowane buhu ya tsaya maka dubu 53 da 750 da ɗawainiyarsa. In farashi ya sauka dubu 45 maimakon ya hau, miliyan 1 da dubu 800 za ka karɓa, asarar dubu 350 kenan, daidai ribar da ka ci bana. Kuma asara ta fi riba nauyi a lissafin kashi, abin da mutane ba sa lura. Kuɗin da suka faɗi da kashi 50 sai sun tashi da kashi 100 kafin su dawo inda suke.

Gwada shekara uku ka gani. Mu ce ta farko ka ci kashi 16, ta biyu kashi 30, ta uku ka yi asarar kashi 25. Mai lissafin gaggawa zai haɗa 16 da 30 ya cire 25 ya raba uku, ya ce kashi 7 a shekara. Amma kuɗi ninkawa suke ba haɗawa ba:

```
=(1.16*1.30*0.75)^(1/3)-1
```

Amsar wajen kashi 4 ce a shekara. Mummunar shekara ɗaya ta mayar da kai bayan filin Yaya, duk da shekara biyu ka yi kana cin riba kana ba da labari a majalisa. Ba ina cewa haka za ta faru ba, ina nuna maka ne cewa da sakamakon kaka ɗaya ba za ka iya sanin wane irin ɗan kasuwar hatsi ne kai ba. Ni a littattafan da nake riƙewa ba na yarda in rubuta wa mutum ribar shekara a kan abin da bai cika wata sha biyu ba, abin da ya samu a watannin kawai nake rubutawa in sa yawan watannin a gefe. Manyan kamfanonin da ke juya kuɗin mutane ma ƙa'idar da ake bi kenan wurin bayar da rahoto, ba a miƙe ribar ƙasa da shekara a mayar da ita ta shekara.

Akwai dai inda miƙewar take da ma'ana. Mai shagon da yake saro kaya duk sati ya sayar ya sake sarowa, ribar kashi 3 kawai yake samu a zagaye, amma da gaske yana zagayawa sati bayan sati, damina da rani. Shi in ya ninka 3 ɗinsa da yawan zagayen ba zato yake ba, abin da ke faruwa yake ƙirgawa, shi ya sa za ka ga mai ƙaramar riba da saurin juyi ya fi mai babbar riba sau ɗaya a shekara. Ko shi ɗin ma akwai iyaka biyu. Ba ya iya mayar da duk ribar cikin jari don daga nan yake ci, kuma kwastomomin unguwarsa ba za su ninka ba don kawai jarinsa ya ninka. Wani kaso na abin da yake kira riba ma ladan zamansa ne a shago daga safe zuwa dare.

Amfanin miƙewa wurin gane 'yan damfara

Abin mamaki lissafin nan da nake hana ka yi wa masararka, shi ne nake so ka yi wa duk wanda ya zo maka da alƙawari. Bambancin shi ne shi da bakinsa ya ce duk wata zai ba ka, toh sai ka riƙe shi a kan maganarsa ka ga inda za ta kai. MMM da ta yi tashe a Najeriya a 2016 kashi 30 take alƙawari a wata, a kunne ba wani abin tsoro ba ne, kai ma ai ka ci 25. Amma 1.3 in ka ninka shi a kansa sau 12 ya haura 23, wato dubu 100 za ta zama sama da miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, a shekara uku ta wuce biliyan ɗaya. Babu sana'ar da ke haifar da haka, kuɗin sababbin shiga ne ake biyan tsofaffi, a Disambar 2016 kuwa suka rufe cire kuɗi. CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 ninki ma take alƙawari a kwana 30, wanda a shekara ninki 4,096 ne. Mai irin wannan injin me zai yi da dubu hamsin ɗinka?

Haka in bashi ne, juya lissafin. Wanda ya ce zai ba ka kuɗi ka shiga masara ka riƙa ba shi "kashi 5 kacal" duk wata, in ana ɗora wanda ba a biya ba a kan uwar kuɗi ya kusa kashi 80 a shekara, kuma ko a wata huɗun naka ya haura kashi 20, ya cinye 16 ɗinka har ya taɓa jari. Wannan ban da maganar kuɗin ruwa da ka riga ka san hukuncinta.

Tsadar kaya ita ce ta ukunku a gasar

Ku biyun kuna gasa da juna ne alhali akwai wanda yake gaban ku. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a shekara. A irin wannan shekara wanda ya ci kashi 16 ko ma 25 nairorinsa sun ƙaru amma abin da za su saya ya ragu. Yadda ake cirewa shi ne a raba, 1.25 raba 1.348 ya ba da 0.927, asarar kashi 7 kenan ta ƙarfin saye. A harkarka akwai gwajin da ya fi wannan sauƙi: bara kuɗinka sun sayi buhu 40, in kaka ta zo ka duba uwar kuɗi da riba buhu nawa za su saya da ɗawainiyarsu. In 40 ne ko ƙasa, toh ba ka matsa ba. Filin Yaya shi ma kashi 11 ko 15 a shekarun da tsada take gudu fiye da haka, ya dai rage masa asara ne a kan wanda ya bar kuɗi kwance.

Yana da kyau kuma ka samu wani abu marar wahala da za ka riƙa auna kanka da shi. Misali sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, da aka fitar a 2017 kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara har shekara bakwai, babu sito babu ƙwari babu dillali. Lambar tana canzawa daga fitowa zuwa fitowa, ka duba ta lokacinka, amma duk harkar da za ta sa ka wahala da kasada ya kamata ta wuce irin wannan da tazara mai kyau.

Maganar lallaɓa Yaya, ni ba zan ba ka shawarar haka ba a kan kaka ɗaya. Ban ga filin ba, ban san ko gari yana tafiya wajen ba, kuma wannan lissafi ba ya hango gaba, abin da ya wuce kawai yake aunawa. Sayarwar kanta za ta ci la'ada, in kuma masarar ta ba da baya ba kuɗi kaɗai za ku rasa ba, zumunci ne zai yi tsami. Abin da ya fi maka amfani shi ne wata takwas ɗin da kuɗinka suke zaune. In ka samu wata harka da ka sani ta ba ka ko kashi 8 ne a tsakanin, 1.163 sau 1.08 ya kai ka kusan kashi 26 a shekara, na gaske wannan karon, da sharaɗin kuɗin za su dawo hannunka kafin Oktoba.

Ka buɗe littafi ko shafi a waya, layi biyu kawai, kwanan wata da adadi. Duk kuɗin da ka zuba a harkar daga aljihunka ka sa musu alamar ragi, har na ɗan dako, duk waɗanda ka cire daga jarin don hidimarka ka rubuta su haka nan, amma kuɗin sayarwa da suke zaune cikin jarin kar ka rubuta su sai a layin ƙarshe. In ka cika shekara ka sa a layin ƙarshe abin da ya rage a hannunka da kwanan ranar, sai ka yi amfani da XIRR a Excel, shi zai lura da ranar da kowane kuɗi ya shiga ko ya fita ya ba ka ribar shekara. Ka kula dai, in ka ba shi wata huɗu kawai shi ma miƙewa zai yi ya nuna maka babbar lamba irin ta abokinka, saboda haka ranar ƙarshe ta zama bayan wata sha biyu, kuma ka tara kaka uku a jere kafin ku sake zama da Yaya a kan maganar filin.